Inci Shida na Rigar Liman

Duk wanda ya daɗe yana bin layin teloli na Ƙofar Dundaye ya san Mode, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan siriri mai tef a rataye a wuya da guntun alli a bayan kunne, wanda ba ya amsa gaisuwa sai ya kai ƙarshen yanka. Ba girman kai ba ne, in ji shi, almakashi ne ba ya son a raba masa hankali. Ni dai na ce akwai girman kan ma, ɗan kaɗan.

A Dundaye aka haife shi, gidan manoma gero. Tun yana ƙarami aka gane ba za a ci moriyarsa a gona ba, domin in an ba shi kunya guda ya nome, sai a tarar da shi gindin bishiya yana gyara wa mutane yagaggun riguna da allura. Mahaifinsa ya gaji da faɗa, ya kawo shi birni ya damƙa wa wani tela, Alhaji Tambari. Shekara ashirin da bakwai ke nan. A shagon ya yi gemu, a shagon ya auri Dijatu, a shagon gemun ya fara furfura. Alhaji ya tsufa ya koma kujerar bakin ƙofa da carbinsa, teburin yanka kuwa ya zama na Mode shi kaɗai. Yanka kam Allah ya ba shi. Babbar riga in ta fito daga hannunsa, kafaɗa takan zauna kamar da ita aka haifi mai ita.

Cikin duk masu kawo masa ɗinki babu wanda yake tinƙaho da shi kamar Malam Abdulwahabu, wani dattijon malami ɗan gidan limamai. Shekara ashirin babu almakashin da ya taɓa yadin Malam sai na Mode. Awon Malam a kansa yake, ba a littafi ba. In Malam ya zo, ba ya zama ko'ina sai kan bencin da ke kusa da teburin yanka, su yi ta hira har a kira la'asar. Mode yakan ce wa Dijatu, "Duk Sakkwato, Malam mutum guda ya yarda da hannunshi." Ita kuma takan ce ta ji, ta ji tun bara.

Abin da ya ɓata wa Mode lissafi waya ce. Sannu a hankali mutane suka daina zuwa da ƙafarsu. Sai a aiko yadi da mai keke, bayani ya biyo baya a waya, wani a rubuce, wani da murya. Alhaji ya sayi wayar shago, ya miƙa wa Mode a matsayinsa na babba. To, Mode amsa biyu gare shi a duniya. In ya ga dama ya ce, "To." In bai ga dama ba ya ce, "Ban gane ba, a sake turowa." Wadda ta manta faɗin awon wuya kawai, ban gane ba. Wanda ya yi minti biyar yana kewaye-kewaye, ban gane ba. Ta farkon ta ji haushi ta sake turo awon duka yadda yake, har yanzu babu wuyan. Na biyun ya sake turo kewayensa, wannan karon minti bakwai. Kafin shekara ta zagayo, mutane da dama sun kwashe yadinsu sun tsallaka layi.

Ana nan Alhaji ya ɗauki Sirajo, mutumin Wamakko, magidanci mai 'ya'ya uku, don ya riƙe keken aiki, mai yi wa riguna ado. Hannunsa a aiki madaidaici ne, ba yabo ba fallasa. Amma wata rana da Mode ya tafi jana'iza aka bar masa wayar, ya amsa saƙo tara kafin azahar, babu wanda ya dawo da ƙorafi. Washegari dai wayar ba ta koma teburin yanka ba.

Ranar Mode bai ci tuwon dare ba. Kishi ne, kada wani ya yi masa kwaskwarima da wani suna. Ya ji zafi ƙwarai, zafin mutumin da aka nuna masa cewa abin da ya raina sana'a ce, kuma bai iya ta ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda masu ɗinki suka fara shigowa suna tambayar Sirajo, su wuce teburin yanka kamar babu kowa a wurin, su je su tsaya kan mutumin da ko wuyan kaftani bai iya fitarwa daidai ba. Mode ya laƙa masa suna Sakatare. In waya ta yi ƙara sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Sakatare, ofis na kira."

Sirajo ba ya tankawa. Baba Mode yake ce masa, yana share masa tebur da safe, wannan kuwa ya ƙara wa Mode haushi, don ya fi son a ba shi dalilin faɗa.

Duk da haka kunnensa na wurin. Yana yanka yana sauraron yadda Sirajo ke amsa saƙo, don ya kama sirrin ya nuna wa Alhaji ba wani abu ba ne. Ya kuwa kama rabi. Wata Hajiya Sadiyatu ta rubuto daga Kaduna tana son kaftani da wando na ɗanta, ta jero tsawo, kafaɗa, ƙirji, wuya, ƙugu. Sirajo ya duba ya amsa da layi ɗaya: "Hajiya, an samu duka, saura awon hannu." Kafin a tafasa shayi ta turo. Mode ya yi tsaki a ransa. Ashe abin ke nan? A nemi abin da babu, a tambaya? Wannan ai ko akuya aka koya wa za ta yi.

Sauran rabin ne bai tsaya ya kama ba. Ya sha jin Sirajo yana ce wa mai ɗinki, "Alhaji, ga abin da na fahimta, in na yi kuskure a gyara mani," sannan ya maimaita wa mutum maganarsa a taƙaice. Mode ya ɗauki wannan a matsayin fadanci da ɓata lokaci.

A shekarar da ƙafa ta kwantar da Malam Abdulwahabu, ya daina fitowa. Wata Litinin direbansa ya ajiye ƙunshi a shago ya wuce. Mode ya kwance da hannunsa. A ciki akwai sabuwar farar shadda yadi goma, a ƙarƙashinta kuma wata tsohuwar rigar saƙi, saƙar hannu, da aikin tsamiya aska biyu wanda ya yi laushi don tsufa. Ƙanshin turare da na adaka ya cika shagon. Ko Alhaji sai da ya taso daga kujerarsa ya shafa ta.

Can sai waya ta yi ƙara. Sirajo ya duba ya ce, "Baba Mode, Malam ne. Saƙon murya."

Mode ya miƙa hannu. "Kawo nan. Malam nawa ne."

Aka kunna, shago ya yi tsit. Malam ya yi sallama, ya gai da Alhaji, ya gai da Mode da iyali. Ya ce Juma'ar sama, ba wagga ba, ɗansa Abdulshakur zai hau mumbari karo na farko a masallacin unguwa. Ya ce rigar nan ta mahaifinsa ce, marigayi Liman, da ita ya yi huɗubarsa ta farko. Nan ya shiga labarin yadda aka saƙa ta, da wanda ya yi aikin, da shekarar da aka yi ambaliya. Wani ya yi sallama a ɗakin, Malam ya amsa, suka gaisa har da tambayar jikin wata tsohuwa. Da ya dawo sai ya ce, "To, ina munka tsaya? Yauwa. Ni dai burina in ga yaron nan ranar kamar ina ganin baba. Ka san shi bai kai baba tsawo ba, sai a yi mashi daidai da shi. Ita kuma shaddar, ka san yadda muke yi. Aikin nan na wuya, kada a taɓa komi nashi, yadda yake haka nike son shi. Larabar sama direba zai zo." Ya yi addu'a, saƙo ya ƙare. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu.

Mode ya gyaɗa kai. A wurinsa magana ta fito fili: a rage tsawon rigar Liman ta zauna wa Abdulshakur, kada a taɓa aikin wuya, shadda kuma a ɗinka wa Malam babbar riga kamar kullum. Abu ɗaya ya rage, tsawon yaron. Ya danna waya zai yi magana.

Sirajo ya ce, "Baba Mode, don Allah dakata kaɗan."

"Mi ya faru, Sakatare?"

"Wanga saƙo ba irin na Hajiya Sadiyatu ba ne. Nata cikakken bayani ne da rami guda, mun san abin da take so, mun san abin da ya ɓace, sai mu nuna ramin ta cike. Na Malam babu abin da ya ɓace. Rana tana ciki, yadi yana ciki, aiki yana ciki. Abin da za a yi da su ne bai fito ba. Ni na ji shi iri biyu. Ko a rage tsohuwar, ko kuwa samfur ce anka aiko, a ɗinka sabuwa irinta da awon Abdulshakur."

"Kai ka ji iri biyu. Ni iri guda na ji."

"To ka faɗa mashi irin da ka ji, Baba. In ka tambayi tsawo kaɗai, zai ba ka tsawo, don kowace riga za a yi ana bukatar tsawon. Shi zai ɗauka ka gane, kai za ka ɗauka ya tabbatar, alhali ba wanda ya ji abin da ke cikin kan wani. In kuma ka ce ba ka gane ba, zai sake ba mu labarin ambaliya. Ka ce mashi, Malam, na fahimci in yanke rigar Liman in rage ta, haka ne, ko sabuwa za a yi irinta? Kalma guda zai amsa."

Gaskiya ce tsantsa, kuma wani ɓangare na zuciyar Mode ya san gaskiya ce. Da Dijatu ce ta faɗa, ko wani mai wucewa, da ya ɗauka. Amma daga bakin Sirajo ta fito, a gaban Alhaji, a kan Malam. Wato shi, da ya yi shekara ashirin yana jin maganar Malam tun kafin Malam ya ƙarasa ta, shi ne zai koma yana cewa ga abin da na fahimta, kamar baƙon da ya sauka a tasha jiya? Kuma in Malam ya ji salon, ai zai gane na wane ne.

Ya ce, "Lokacin da na fara yanka wa Malam riga, kai kana Wamakko kana korar tsuntsu a fadama. Koma kan kekenka."

Alhaji ya buɗe baki, ya dubi fuskar Mode, ya mayar da bakin ya rufe. Shi ma yana da nasa laifin a wannan labari.

Mode ya danna waya, ya gyara murya. "Allah gafarta Malam, saƙo ya iso, an samu duka. Saura tsawon Abdulshakur." Har da salon Sirajon ya ara, yana kallonsa ta wutsiyar ido. Ba a jima ba amsa ta zo: hamsin da huɗu, Allah ya yi albarka. Mode ya ɗaga wayar sama yadda kowa zai ji, ya sake kunnawa, sannan ya ajiye ta a kan teburinsa, ba a kan keken Sirajo ba.

Rigar Liman inci sittin ce. Ranar Talata da hantsi ya shimfiɗa ta, ya auna, ya bar abin kalmasa, ya ja alli. Sirajo ya tashi ya fita waje, wai zai sayo zare. Tsohon saƙi ba ya gardama da almakashi, haka ya rabu shiru. Mode ya farke shafin da ke ƙasan rigar, ya mayar da shi a sabon bakin da allura, ɗinkin hannu, kwana biyu yana yi. In don kyau ne, ko mai saƙar ya dawo duniya ba zai gane an taɓa ba. Shadda kuma ya yanka ta da awon Malam, aka yi mata aikin da Malam ya saba. Guntun da ya fita daga rigar Liman ya naɗe ya jefa cikin kwandon ƙyalle.

Laraba ba direba kaɗai ya zo ba. Malam da kansa ya lallaɓo, yana dogara sanda, ɗansa Abdulshakur na riƙe da hannunsa. Ya ce zaman ɗaki ya ishe shi, kuma yana son ya ga sabuwar rigar kusa da tsohuwar, ya ga ko an kamo aikin. Mode na jin haka ya waiwayi kwandon ƙyalle.

Aka zaunar da Malam a bencinsa. Mode ya ɗauko farar ya miƙa masa. Malam ya buɗe, ya dubi aikin wuya, ya dubi tsawon, ya ce, "Wagga ai tawa ce. Ina ta yaron?"

Mode ya ɗauko rigar saƙin ya miƙa. Malam ya karɓa da murmushi, ya ɗaga ta, murmushin ya tsaya. Ya bi gefenta da tafin hannu har ƙasa, hannun ya isa bakin rigar tun kafin inda ya saba isa. Ya sake bi. Abdulshakur ya sunkuyar da kai.

"An yanke ta," in ji Malam. Ba tambaya ba ce.

"Allah gafarta Malam, na ɗauka cewa kunka yi a rage ta."

"Samfur ce, Mode. Ba tawa ba ce ni kaɗai, ta gidanmu ce duka. Wurin yayata take ajiye, aro na yi, na ce mata kwana goma." Ya ɗora rigar a kan cinyarsa. "Ni na dagula magana, na sani, tsufa ne. Amma da ka ce an samu duka, sai na sake jiki. Da ka faɗa mani abin da ka ji, ai da na ce a'a."

Da zagi ya yi, da Mode ya fi samun sauƙi. Malam bai ɗaga murya ba. Ya tambaya ko guntun yana nan. Mode ya durƙusa gaban kwandon ƙyalle, dattijo da furfurarsa, yana tono cikin tarkacen atamfa da shadda har ya samo. Malam ya karɓa, ya kaɗe zaren da ya manne, ya ninke shi huɗu, ya sa a aljihun ƙirji. Mode ya ce zai iya mayar da shi, ɗinkin ba zai fito sosai ba. Malam ya ce a bar shi haka, an taɓa ta ya isa.

Sirajo ne ya fitar da su kunyar Juma'a, ko in ce rabinta. Ya ce farar shaddar za ta ragu zuwa awon Abdulshakur, in Malam ya yarda. Kafin a taɓa ta kuwa sai da ya tsaya gaban Malam ya ce, "Ga abin da za mu yi: mu rage farar zuwa hamsin da huɗu, aikin wuyanta ya zauna yadda yake don lokaci ya ƙure, ta saƙi kuma ku tafi da ita yanzu. Haka ne?" Malam ya ce haka ne. Mode ne ya yi ragin, don babu mai yi sai shi. Abdulshakur ya hau mumbari da farar riga mai kyau wadda ba ta yi kama da ta kakansa ba ko kaɗan.

Yadda Malam ya ƙare da yayarsa, wannan ba a shago aka yi ba, ban kuma sani ba. Mode dai ya je gidan sau biyu ba da haƙuri. An karɓe shi da mutunci, an kawo masa ruwa, Malam ya ce ya yafe har ga Allah, kuma na yarda ya yafe.

Mode na nan a teburinsa har yau. Ya daina cewa Sakatare. Wayar ma ya mayar da ita kan keken Sirajo da hannunsa, ba wanda ya ce ya mayar. In mai ɗinki ya tsaya gabansa yana kewaye-kewaye, za ka ji ya ajiye almakashi ya ce, da ƙyar kamar ana cire masa haƙori, "Tsaya in faɗa maka abin da na ji." In kuwa awo ɗaya ne ya ɓace, ya tambayi awon ya ci gaba da aikinsa. Ya iya yanzu, ya ma fi Sirajo gajarta magana. Kishin ne dai bai tafi ba. Ya gaya wa Dijatu cewa abin da ke hana shi sakewa ba rigar ba ce kaɗai, a'a, yadda Sirajo bai taɓa cewa ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Dijatu ta ce to ya je ya roƙe shi ya faɗa mana, ko ya huta.

Da azumi ya kusato, direban Malam ya sake kawo ƙunshi. Mode na ganin motar ya ajiye alli, ya goge hannu a jikin rigarsa. Direban ya gaishe shi da ladabi, ya wuce teburin yanka, ya ajiye ƙunshin a kan keken Sirajo. Waya ta yi ƙara. Sirajo ya rage sauti, amma shagon ƙarami ne.

"Sirajo, ga yadi nan, kaftani biyu nawa. Kai nike son ka tsaya a kai, duk abin da za a yanka ka faɗa mani tukuna. Ka gai da Alhaji. Ka gai da Mode."

Sirajo ya juyo a hankali. "Baba Mode, awon Malam fa? Babu shi a littafi."

Mode ya daɗe yana kallon bencin da ke kusa da teburinsa. Saƙon dai babu abin da ya ɓace a cikinsa, babu kuma abin da bai fito ba. Ya zaro allin daga bayan kunne, ya jawo littafin awo, ya rubuta lambobin nan da ya yi shekara ashirin yana riƙe da su a ka, ɗaya bayan ɗaya, ya tura wa Sirajo littafin.